Magen Gwaggo a Murfin Nono

A teburina akwai doka guda ɗaya, kuma duk wanda ya taɓa kawo min aiki ya san ta: ba a taɓa min gilashin kwamfuta. Ka nuna da baki, ka nuna da haɓa, ka nuna da biro daga nesa, amma in ka ɗora yatsa a kai, ranar za ka ji abin da ba ka zo ji ba. Ni ba mai haƙuri ba ce, ban kuma taɓa cewa ni ce ba.

Teburin nan yana cikin wani shagon buga takardu a hanyar Bukan Sidi. Mai shagon, wanda duk muke kira Oga, mutumin Eggon ne, shi ke riƙe da injinan buga kyallen talla, wato bana, da sitika da riguna. Ni kuma nawa zane: katin biki, kalandar suna, logon masu sayar da zoɓo da masu gyaran waya. A nan Gwaggo ta same ni wata safiya, ta shigo da sallama, ta zauna a kujerar kwastoma kamar tata ce, ta ajiye robar nono a kusa da maus ɗina. Na ɗauke na mayar ƙasa.

Gwaggo ƙanwar babana ce. A ruga ta tashi, can bayan Assakio, a ruga ta yi aure, har shanu suka yi ta raguwa aka sayar da ragowar, ita da mijinta, wanda muke kira Baffa, suka dawo cikin Lafia. Tun daga nan take haɗa kindirmo tana zubawa a ƙananan robobi, tana kai wa masu shaguna su sa a firji. Nononta mai kyau ne, ban faɗa don tana gwaggona ba. Matsalar ita ce robarta fara ce fat babu rubutu, irin ta kowa, sai a sayi na wata a zo ana yi mata ƙorafin tsami.

"Sitika nake so," in ji ta. "A murfi. Da hoton Hajiya."

Hajiya mage ce. Baffa ne ya zo da ita a zuwansa na ƙarshe ruga, ita da 'yar'uwarta, 'yan mitsi-mitsi a aljihun riga. Aka ba maƙwabciyar Gwaggo ɗaya, aka riƙe ɗaya. Sunan kuwa ita ta jawo wa kanta, don ba ta gaishe da kowa, ba ta kama ɓera, ba ta zama a ƙasa in akwai matashi. Baffa ya kan ce ita ce garken da ya rage musu. Da Allah ya yi masa rasuwa, magen ce ta ci gaba da kwana a ƙafar gadon Gwaggo, har damina ta wuce ita ma ta kwanta ba ta tashi ba. Gwaggo ba ta yi kuka a gaban kowa ba, a mutuwar farko ko ta biyu. Fulako ya hana.

Na ce, "Gwaggo, saniya ake sa wa a kan nono."

"Kowa saniya ya sa. Je ki buɗe firjin kowane shago ki gani, garke guda."

"To mutane za su ce mage ta lasa."

"Ta lasa mana! Shekara nawa tana lasa, wa ya mutu?"

Oga ya fashe da dariya daga bayan inji. Na ce to, a kawo hoto. Hoton ɗaya ne tak a duniya, 'yarta da ke aure a Arikya ta ɗauka wata rana da ta zo gida, ta tura mata a waya. Gwaggo ba ta iya nemo shi da kanta, sai wani ya buɗe mata, ta riƙe wayar can nesa da fuska ta duba, don idonta ya fara rauni. Na turo shi cikin kwamfuta. Subhanallahi! Hoto ne dai, tunda ba a ce masa wani abu ba. Duhu-duhu, ga kafaɗar mutum a gefe, ga buhu a baya, ga tsintsiya, ga inuwar ƙofa ta faɗo a rabin fuskar, a tsakiya kuma Hajiya tana harara kamar an tashe ta daga barci.

Abin da na fara yi shi ne abin da nake fara yi kullum. Na yanke duk abin da ba mage ba na zubar, buhu da kafaɗa da tsintsiya, na bar kai kawai. Sannan na yi wa Gwaggo bayani cewa ba hoton za a manna ba. Hoton waya ɗigo-ɗigo ne, in an ja shi ya fashe, in an matse shi ya dagule. Logo kuwa zana shi ake yi da layuka da surori, irin zanen da muke kira bekta, wanda ko a murfin roba ko a bangon gida za a buga shi, bakinsa zai fito tsaf. Kuma ba a zana gashi.

"Ba a zana me?"

"Gashi, Gwaggo."

"To mage za ki zana min ko ƙadangare?"

Na rantse da wani ne da na ce ya ɗauki wayarsa ya ƙara gaba. Amma na danne. Akwai wani maɓalli a manhajar zane da ke bin hoto da kansa ya mayar da shi surori, ragwaye na son sa. Na danna mata shi, na ce ya kwaso komai. Kwamfutar ta yi nishi, ta fito da Hajiya a gutsattsare, dubban 'yan faci, kowane silin gashi da nasa. Daga nesa, a babban gilashi, ba laifi. Gwaggo ta ce yauwa, ga ta nan. Na ce tsaya. Na rage shi daidai faɗin murfi, na buga a takarda, na yanka na ɗora a kan robarta.

Ta ɗauka ta kai nesa, ta kawo kusa. Ta miƙa wa Oga.

"Mama," in ji Oga, "wannan kamar nono ya yi fumfuna."

Ba ta ƙara maganar gashi ba. Ta ce in yi yadda na iya, amma in sani ita za ta zauna ta gani.

Na dushe hoton ya zama kamar inuwa, na kulle shi a ƙasa don kada ya motsa, na buɗe sabon shafi a kansa. Sai na ja kujera baya na kanne ido. Haka ake yi: in ka kanne ido, ƙananan abubuwa su ɓace, sai manyan wurare na haske da duhu su rage, su ne za ka zana. Gwaggo ta kalle ni ta ce, "'Yar nan, tun yaushe idonki ke ciwo? Ina da tozali a jaka." Na ce aiki nake yi. Ta ce to Allah ya sawwaƙe aikin.

Da na kanne, Hajiya ta zama abu mai sauƙi. Farar mage ce, da baƙin faci ɗaya da ya taso daga kunne ya gangaro ya rufe ido guda. A hoton sai da na lalubo inda facin ya ƙare da inda inuwar ƙofa ta fara, don sun haɗe. Na ɗauki alƙalamin manhajar na fara sa ɗigo a gefen kai, ina jan layi yana lanƙwasa daga wannan ɗigon zuwa wancan. Sirrin shi ne ƙarancin ɗigo. In sun yi yawa layi ya riƙa rawa kamar hannun tsoho. Kai da kunnuwa sura ɗaya, fara. Facin sura ɗaya, baƙa. Idanu biyu, na yi su ruwan ɗorawa, na sare samansu a miƙe don hararar ta fito, domin Hajiya ba tare da harara ba wata magen ce. Ɗan hanci ruwan hoda. Duk gashin nan da Gwaggo ke ƙwaƙwa a kai, na tara shi a tsini uku a kowane kunci, kamar haƙoran zarto. Gashin baki kuwa na zubar gaba ɗaya, don a faɗin murfi ba zai fito ba. A ƙarshe na sa shuɗin da'ira a baya, tunda farar mage a farin murfi ɓata za ta yi.

Na rage shi ya kai girman farce, yana nan a magensa. Na cire launi na duba a baƙi da fari, yana nan. Sai na kashe hoton da ke ƙasa, zanen ya tsaya shi kaɗai, na ƙara masa girma ya cika gilashin. Gaskiya na ji daɗin kaina. Har Oga ya leƙo ya ce, "Kai, wannan ya yi fain."

Gwaggo ta duba. Ta daɗe tana dubawa.

"Ya yi kyau," in ji ta. "Amma magen maƙwabciyata kika zana."

Na ce ban gane ba.

"Baƙin Hajiya ba a nan yake ba. A wancan gefen yake. Mai baƙi a nan 'yar'uwarta ce."

Na kunna hoton a ƙarƙashin zanen, na nuna mata layi a kan layi. Na ce, "Gwaggo, ga shi nan, ban ƙara ba ban rage ba. Baƙin a dama yake." Ta ce damar wa? Na ce damata. Ta ce ita damar magen take tambaya. Oga ya shigo ciki, ya juya mana baya, ya ɗaga hannu yana cewa in shi ne magen to wannan ne damansa. Na ce mage ba ta ba mu baya ba, fuskantarmu take. Ya juyo, ya rikice, ya ɗaga ɗaya hannun. Wani da ya zo karɓar katin biki ya tsaya yana ba da nasa ra'ayi. Na ce malam, katinka na can, a sauka lafiya.

Gwaggo ce ta raba gardamar. Ta ce ita ba ta san dama da hagun mage ba. Abin da ta sani, in ta zauna cin tuwo Hajiya kan hau cinyarta ta fuskance ta, hannun damanta na cikin kwano, sai ta ɗaga na hagu ta sosa mata baƙin kunnen, yana nan daidai saitin hannun. Ta ɗaga hannun hagun a iska ta nuna. A gilashi kuwa baƙin yana saitin hannunta na dama.

Nan fa raina ya ɓaci. Na ce, "Gwaggo, hoto ba ya ƙarya. Ke da kanki sau nawa kika kalli hoton nan, ba ki taɓa cewa komai ba." Ta ce a waya abu ne ƙarami, duhu ne da gashi, ita harara take gani ta san tata ce. Yanzu da na share komai na bar baƙi da fari ne abin ya fito fili. Na ce to mantawa kika yi. Ta ce, "Ni? Na san shanu fiye da yawan shekarunki, kowace da zanenta, ko a cikin garken wani na gan ta sai na nuna ta. Mage ɗaya ce zan manta?" Ta ɗauki robarta ta fita, ko sai an jima ba ta ce min ba.

Na kira 'yarta a Arikya. Ta ce ita dai ta tuna ta ɗauki hoto a tsakar gida, kuma ranar magen biyu duk suna nan suna zagaye ƙwaryar nono, don ta maƙwabciya kullum sai ta haura katanga. Wacce ta ɗauka a ciki? Ta ce wallahi ba za ta rantse ba. Na ce kin kyauta.

Washegari da hantsi sai ga keke napep ya tsaya a ƙofar shago. Gwaggo ta sauko, maƙwabciyar ta sauko bayanta da kwalin taliya a rungume, kwalin yana motsi yana gurnani. Matar nan mai kunun aya ce, faɗinta ya yi biyun Gwaggo, muryarta ta yi uku. Sun yi shekara da shekaru suna gaisawa ta kan katanga suna kushe sana'ar juna a bayan ido. Gwaggo ce ta roƙe ta ta zo da magen a gwada, don a nuna min kuskurena.

Aka buɗe kwali. Mage ta yi tsalle ta haye injin buga bana, Oga ya yi ihu da yarensu, ta diro ta bi ta kan takardun da aka shanya, ta shige bayan janareta. Sai da aka zuba nono a murfi sannan ta fito. Maƙwabciyar ta cafke ta, ta ɗaga ta kusa da gilashi, fuska tana kallonmu.

Kamar an buga biyu. Farin kai, baƙin faci a saitin hannun dama, har hararar.

"Ai kuwa tawa ce!" in ji matar. "Ikon Allah! Ashe duk watannin nan hoton magena kike riƙe da shi a waya? 'Yar nan, hannunki na da kyau. Tunda an riga an zana, a rubuta min kunun aya a ƙasa."

Na buɗe baki zan ce ai na faɗa, zanena daidai yake da hoto. Sai na dubi Gwaggo. Ta zauna a kujerar nan, wayarta a cinya, ta kife ta. Ba ta yi gardama ba, ita da ba ta taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba. Ta ce a hankali, "To ashe ba ni da hotonta ke nan." Ba wanda ta faɗa wa, faɗa kawai ta yi. Na ci gardama, amma wallahi ban taɓa jin baƙin cikin cin gardama irin na ranar ba. Na ji tausayinta, sai tausayin ya juye min haushi, don ni haka nake. Na ce wa maƙwabciyar ta mayar da magenta kwali kafin ta yi mana fitsari a kan aikin mutane.

Ban san me nake nema ba, na dai koma na buɗe ainihin hoton yadda aka turo shi, kafin in yanke. Na ce ko wutsiyar ɗaya magen za ta fito a wani lungu. Na ƙara haske, na ja shi ya yi girma. Ga tsintsiya, ga kafaɗar 'yarta, ga buhun nan a baya da jan rubutu da ya dagule. Oga ya zo wucewa da tsumma yana goge sawun mage, ya ɗan leƙa ta kan kafaɗata, ya karanta rubutun buhun da ƙarfi, sunan shinkafa da nauyinta, ya wuce abinsa.

Na ce, "Oga, dawo. Ina ka ga wannan?"

"Ga shi nan a rubuce."

Na duba. Ni ban iya karantawa ba. Haruffan duk a juye suke, sun fara daga dama sun tafi hagu. Shi kuwa Oga rabin rayuwarsa a juye yake karatu, domin duk rubutun da za a manna wa riga da zafi sai an juya shi kafin a buga, in ba haka ba ya fito a baibai a ƙirjin mutum. Ido ya saba, har bai lura ba. Ya sake dubawa ya ce, "A'a! Wa ya yi miro ɗin wannan, ya juya shi? Riga za a buga?"

Sai kafaɗar nan ta yi min bayani. Da kyamarar gaba aka ɗauki hoton, ta ɗaukar kai, 'yar Gwaggo ta tsuguna kusa da magen ta miƙa hannu. Wasu wayoyin kuwa in an ɗauka da kyamarar gaba haka suke ajiye hoton, a juye kamar madubi. Buhu ya juya, ƙofa ta juya, mage ta juya. Ni kuma abin da na fara zubarwa shi ne buhun. Kada ma wani ya ce laifina ne, kowane mai zane bayan hoto yake fara yankewa. Laifin waya ne da masu ɗaukar kansu hoto ba dalili.

Na yi ƙoƙarin yi musu bayani. Maƙwabciyar ta ce ita ba ta yarda ba, ai yanzu aka ce hoto ba ya ƙarya. Na ce wa ya faɗa? Ta ce ke, an gaya min. Na ce to yau ya yi. Oga ya ɗauko madubin da ke rataye a bayan ƙofa ya kara a gefen gilashi, rubutun buhun ya miƙe a cikinsa, kowa ya karanta. Matar ta ce to ko ma dai mene ne, magenta ta fi kyau, ta rufe kwalinta.

Ba na jin Gwaggo ta bi zancen kyamara da madubi, ban kuma sake maimaitawa ba. Na koma kan zanen, na zaɓe surorin duka na haɗe su, na danna maɓallin da ke juya abu daga dama zuwa hagu. Dannawa ɗaya. Baƙin facin ya tsallaka ɗaya gefen. Babu gashi ko sili, babu gashin baki, fari ne da baƙi da ido biyu a cikin shuɗin da'ira.

"Gwaggo," na ce, "ɗago ki gani."

Ta ɗago. Ta matso da kujera. Hannunta na hagu ya tashi da kansa, na ga tahowarsa, na san inda za shi, Oga ma ya gani ya dube ni yana jiran tashin bom. Ta ɗora yatsu biyu a kan baƙin kunnen, ta sosa a hankali, sau ɗaya, sau biyu, yadda ake yi wa mai rai.

"Ke ce," in ji ta. "Ina kika shiga?"

Sai ta ja gefen mayafi ta rufe fuska, a gaban maƙwabciya, a gaban Oga, a gabana. Matar da ba ta yi kuka ranar da aka fita da Baffa ba. Maƙwabciyar ta ajiye kwalinta a ƙasa ta dafa mata kafaɗa.

Oga ya buga sitikun a ranar. Yanzu in ka buɗe firji a shagunan unguwarmu za ka ga shanu jere, a tsakiyarsu mage ɗaya tana harararka, yara kuma nonon mage suke cewa a ba su, Gwaggo ta ce su faɗa, ba ta damu ba.

Bayan sun tafi na zauna na dubi gilashina. Ga sawun yatsu biyu na maiƙon nono a gefen hagu, ɓaro-ɓaro. Oga ya miƙo min tsumma. Na ce ya bar shi, ina da aiki.